Jinyar Lantarki, Sauya Magani, Ketamin Ko Maganaɗisu: Wanne Ya Dace Da Mai Ciwon Damuwa Mai Tsanani?

Wannan takarda ta majinyacin da likitan ƙwaƙwalwa ya ambata masa jinyar lantarki ce, wadda ake rubuta ta ECT a takardun asibiti, da kuma 'yan uwan da ke tsaye a kansa. Galibi ba a kawo maganarta sai ciwon damuwa ya yi nisa, kuma ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai sauya magunguna ko ƙara wani a kan wanda ake sha, akwai ketamin, akwai jinyar maganaɗisu. Kowace tana da inda ta fi ƙarfi da inda take gazawa.

Abin da za a auna da shi

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya rinjayi sauran, shi ne lokaci. Mutumin da yake cin abinci yana zuwa aiki da ƙyar zai iya jiran makonni shida a ga ko sabon magani zai karɓe shi. Wanda ya daina ci da sha, ko ya ƙudurta kashe kansa, ba shi da waɗannan makonnin. Na biyu shi ne irin ciwon: damuwar ce kaɗai, ko ta haɗu da ruɗu, irin mutum ya gaskata abin da babu shi ko ya riƙa jin muryoyi, ko kuwa jiki ya sandare ya daina magana da motsi. Sai ƙarfin aiki, da daɗewar sauƙin bayan an gama, da haɗari, da wahalar zirga-zirga, da kuɗi. Kuɗin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da za a faɗa a nan shi ne wace ta fi wace tsada da dalilin hakan.

Bari mu ɗauki misali mu riƙa tafiya da shi. Mace ce mai shekara 62, tana da hawan jini da ake shan magani a kansa. Ta sha maganin damuwa sertralin mako takwas ba sauƙi, aka mayar da ita kan benlafaksin, shi ma mako shida shiru. Yanzu ta rame, tana ture kwano, ruwa ma sai an yi ta lallashi, kuma tana cewa hanjinta ya ruɓe, don haka cin abinci ba shi da amfani. 'Ya'yanta sun rabu biyu: wasu na cewa a gwada magani na uku, wasu na cewa a bi shawarar likita a yi lantarkin.

Jinyar lantarki: yadda ake yi

Abin da ke warkarwa a nan jijjigar ƙwaƙwalwa ce ta ɗan lokaci, irin ta farfaɗiya, wadda ake tayarwa da gangan mutum yana barci. Lantarkin hanya ce kawai ta tayar da ita.

Majinyaci ba zai ci abinci ba na aƙalla awa shida kafin a yi, don kada ya yi amai ya shaƙe. A ɗakin, likitan sa barci zai sa masa allura a jijiya, a manna masa wayoyin da ke nuna bugun zuciya da motsin ƙwaƙwalwa, a ba shi iskar oksijin. Sai a ba shi maganin barci mai saurin sakewa, kamar firofofol, sannan maganin da ke sassauta tsokar jiki gaba ɗaya, galibi suksametoniyam. Ana sa roba tsakanin haƙora, domin tsokar muƙamuƙi tana damƙewa duk da maganin. Daga nan a ɗora faifai biyu a kai a saki wutar da ba ta kai amfiya ɗaya ba, na daƙiƙu kaɗan. Jijjigar kan ɗauki kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, kuma wanda ke tsaye a wurin ba zai ga abin da ya wuce ɗan motsin yatsun ƙafa ko na fuska ba. Cikin mintuna kaɗan mutum zai farka, yawanci da ɗan ruɗewa na rabin awa zuwa awa, wani lokaci da ciwon kai, ciwon jiki ko tashin zuciya.

Ana yi sau biyu ko uku a mako, jimilla sau shida zuwa goma sha biyu ga yawancin mutane. Sau da yawa 'yan uwa ne ke fara ganin canji kafin majinyacin ya ji, wajen zama na uku ko na huɗu: ya karɓi kofin shayi da kansa, ya amsa sallama, ya tambayi yara.

Ta fuskar ƙarfi, a cikin masu ciwo mai tsanani kamar shida zuwa takwas cikin goma kan samu sauƙi mai yawa. Tsofaffi, da masu ruɗu, da waɗanda jikinsu ya sandare su ne suka fi amfana. Wanda ya yi shekaru yana fama kuma magunguna da yawa sun gaza a kansa, nasa sakamakon bai kai haka ba. Ana kuma amfani da ita a kan matsanancin zumuɗin ciwon baifola, mai jujjuya mutum tsakanin damuwa da zumuɗi, idan ya ƙi jin magani, da tabin da kan kama mace bayan haihuwa idan ya yi tsanani. Ba ta maganin damuwar da ba ta yi nisa ba, ba ta gyara halin mutum, kuma ba ta raba mutum da shaye-shaye.

Farashinta na gaskiya: mantuwa

A nan ya kamata a tsaya, domin takardun bayani da yawa sukan wuce wurin da sauri. Mantuwar iri biyu ce. Ta farko ita ce wahalar riƙe sabon abu a makonnin da ake jinyar: a gaya wa mutum abu da safe, da yamma ya sake tambaya. Wannan kan tafi cikin makonni kaɗan bayan zama na ƙarshe. Ta biyun ita ce ɓacewar abubuwan da suka riga suka faru, musamman na watannin da ke kusa da jinyar. Wasu sukan dawo, wasu ba sa dawowa. Mutum na iya duban hoton bikin da aka yi da shi wata uku kafin ya kwanta, ya rasa komai a kansa. A wani nazari da aka buga a Birtaniya a 2003, wanda ya tattara abin da majinyata suka faɗa da bakinsu, aƙalla ɗaya cikin uku sun ce mantuwar ta zauna musu. Gaskiya ne ciwon damuwar kansa yana taɓa tunani, amma wannan ba hujja ba ce ta ƙaryata wanda ya ce ya rasa wani yanki na rayuwarsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ana iya rage wannan haɗari, kuma kuna da bakin magana a kai. Idan an ɗora faifan biyu a gefen dama na kai kaɗai, mantuwa ta fi sauƙi fiye da a ɗora ɗaya a kowane gefe. Haka idan an yi amfani da gajeren bugun wuta ƙwarai, ko aka yi sau biyu a mako maimakon uku. Sai dai hanyar da ta fi tausaya wa tunani takan buƙaci ƙarin zama kafin a ga sauƙi. Ga matar misalinmu da ke ƙin shan ruwa, likita na iya farawa da gefe biyu saboda gaggawa, ya koma gefen dama idan ta fara ci ko ruɗewa ta yi yawa. Ga malamin makaranta da abincinsa ke kan tunaninsa kuma ba a bakin mutuwa yake ba, farawa da gefen dama ya fi hankali.

Haɗarin mutuwa ƙarami ne, kusan biyu cikin zama dubu ɗari bisa wani babban nazari na 2017, wato daidai da na ƙaramar tiyata da ake sa barci. Zuciya ce abin lura, domin lokacin jijjigar bugunta da hawan jini sukan tashi na 'yan mintuna. Shi ya sa ake taka-tsantsan da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, ko mai ƙari a ƙwaƙwalwa. Hawan jini irin na matarmu ba ya hana yi. Za ta sha maganinta da safe da kurɓin ruwa. Juna biyu ma ba ya hanawa, sai dai a sa likitan mata a ciki. Ku faɗi duk maganin da ake sha: diyazefam da 'yan uwansa da magungunan farfaɗiya suna hana jijjigar tashi yadda ake so, litiyam kuma, maganin daidaita yanayin rai, na iya ƙara ruɗewa bayan farkawa.

Inda ta fi rauni shi ne daɗewa. Kusan rabin waɗanda suka warke ciwon kan dawo musu cikin shekara, akasari a watanni shida na farko. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2001 ya nuna girman abin: cikin wata shida, kashi 84 cikin ɗari na waɗanda ba a ba su magani na gaske ba bayan jinyar sun koma ciwo, amma waɗanda aka haɗa musu nortriftilin da litiyam kashi 39 ne. Saboda haka duk likitan da ya kawo maganar lantarki, ku tambaye shi abin da zai biyo baya, magani ne ko zama jefi-jefi na riƙe sauƙin.

Kuɗinta na da yawa saboda likitan sa barci da ɗaki da ma'aikata. Kowane zama yana buƙatar ɗan rakiya, kuma ba a tuƙi a lokacin jinyar.

Sauya magani ko ƙara wani

Ita ce mafi araha da sauƙin samu, ana yin ta a gida, kuma ba ta taɓa tunani irin yadda lantarki ke yi. Matsalarta jira. Kowane sabon magani yana son mako huɗu zuwa shida kafin a yanke masa hukunci, kuma damar nasara tana raguwa da kowane gwaji. A babban binciken Amurka da aka fitar a 2006, kusan ɗaya cikin uku ne suka warke a gwaji na farko da na biyu, amma a na uku da na huɗu abin ya faɗo zuwa kusan ɗaya cikin bakwai.

Ga mai ruɗu, maganin damuwa shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da maganin ruɗu kamar olanzafin. Idan aka duba matarmu da kyau, ba a gwada mata wannan haɗin ba, don haka 'ya'yan da ke son magani na uku ba su yi wauta ba. Da tana ci tana sha, hanya ce mai kyau. Amma wadda ke ture ruwa za ta ture ƙwaya, kuma ƙodarta ba za ta jira wata guda ba.

Magungunan ma suna da nasu: ƙiba da ciwon suga daga olanzafin, gwajin jini a kai a kai na ƙoda da maƙoƙo ga mai shan litiyam, jiri da faɗuwa ga tsofaffi. Idan sandarewa ce, lorazefam, ɗan uwan diyazefam, ake fara gwadawa, kuma sau da yawa yakan sake mutum cikin awoyi ko kwanaki. In bai yi ba, lantarki ne ke biye.

Ketamin

Tsohon maganin sa barci ne da aka gano ƙaramin kashinsa yana ɗaga damuwa cikin awoyi ko kwanaki. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa na minti arba'in, yawanci sau biyu a mako, ko a shaƙa ɗan uwansa esketamin ta hanci, wanda Amurka ta amince da shi a 2019, a zauna awa biyu a asibiti ana lura. Ba a sa mutum barci, kuma mantuwa irin ta lantarki ba ta cikin matsalolinsa. Abin da ake ji shi ne jiri, tashin hawan jini na ɗan lokaci, da wani yanayi kamar mutum ya rabu da jikinsa, wanda wasu ke jin tsoronsa ƙwarai.

Gwaje-gwaje biyu da suka kara shi da lantarki sun ba da amsa daban, kuma bambancin ne darasin. A Amurka a 2023, a kan mutanen da yawancinsu daga gida suke zuwa kuma ba su da ruɗu, ketamin bai gaza lantarki ba: kashi 55 suka samu sauƙi, lantarki kashi 41. A Suwidin kuwa, a kan majinyatan da ke kwance a asibiti, lantarki ya warkar da kashi 63, ketamin kashi 46. Ga mai ruɗu ba a cika ba da shi ba. Sauƙinsa kan gushe cikin kwanaki ko makonni idan an daina, shan sa na dogon lokaci na iya ɓata mafitsara, kuma magani ne da ake iya kamuwa da jarabarsa. Na hancin yana da tsada sosai.

Maganaɗisu

Ana rubuta ta rTMS. Mutum na zaune a kujera idonsa biyu, a ɗora masa na'ura a gefen goshi tana ƙwanƙwasawa, ya tashi ya tuƙa kansa gida. Ba barci, ba mantuwa, sai ɗan ciwon kai ko zafin fatar kai, kuma da wuya ƙwarai ta tayar da farfaɗiya. Amma ana zuwa kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida, na'urar ba ko'ina take ba, kuma ƙarfinta bai kai na lantarki ba idan ciwo ya yi tsanani. Ba ta matarmu ba ce.

| | Lantarki | Sauya magani | Ketamin | Maganaɗisu |
|---|---|---|---|---|
| Fara ganin sauƙi | mako 1 zuwa 2 | mako 4 zuwa 6 | awoyi zuwa kwanaki | mako 2 zuwa 4 |
| Idan akwai ruɗu | ta fi kowace | sai an haɗa biyu | ba a cika ba da shi ba | ba ta dace ba |
| Daɗewa | sai an bi da magani | muddin ana sha | gajere in an daina | watanni, ana iya maimaitawa |
| Babban haɗari | mantuwa, nauyi ga zuciya | jinkiri, illar ƙwayoyi | jaraba, mafitsara | kaɗan |
| Wahala | azumin awa 6, ɗan rakiya | a gida | zama a asibiti | zuwa kullum |
| Kuɗi | da yawa | mafi araha | na hanci ya fi tsada | da yawa |

Sa hannu

Yarda ba ta inganta sai majinyaci ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna, ya faɗi zaɓinsa ba tare da tursasawa ba. Kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa ba ta cire wa mutum wannan ikon. Dole a gaya masa dalilin da ya sa aka zaɓa masa wannan jinya, da sauran hanyoyin, da abin da zai faru in bai yi komai ba, da maganar mantuwa a fili. Yana da damar ya ɗauki takardar ya kwana da ita, ya nemi ra'ayin wani likita, ya ga ɗakin. Kuma sa hannu ba ɗaurin talala ba ne: zai iya janyewa kafin kowane zama, ko da yana kan gadon, ba tare da an hana shi sauran kulawa ba. Jumla irin "in ba ki sa hannu ba ba za a sallame ki ba" tursasawa ce, daga likita ta fito ko daga ɗa.

Matarmu fa? Idan ta fahimci bayanin amma ta ƙi saboda ta tabbata hanjinta ya ruɓe kuma ba abin da zai yi amfani, ciwon ne ke yanke mata hukunci, kuma likita na iya samun ba ta da ikon yanke wannan shawara a yanzu. Idan kuwa ta ce ta san tana da ciwo, ta san za ta iya mutuwa, amma tana tsoron mantuwa kuma ta fi son a gwada haɗin magani, wannan ƙi ne na mai hankali, ko da bai yi wa 'ya'yanta daɗi ba. Abin da ke biyo bayan rashin iko doka ce ke tsara shi, kuma ƙasashe sun bambanta. A Ingila sai wani likita mai zaman kansa ya amince, ban da halin ceton rai. Wasu wurare kotu ake zuwa, wasu kuma ɗan uwa ko wakili ke sa hannu. Wanda ke sa hannu a madadin wani, abin da majinyacin zai zaɓa da yana cikin hayyacinsa zai bi, ba abin da ya fi wa gida sauƙi ba. Kuma idan ta farfaɗo bayan zama huɗu, a koma a tambaye ta da kanta.

Kafin a sa hannu, ku nemi amsar waɗannan: gefe ɗaya za a yi ko biyu, kuma me ya sa? Zama nawa kafin a tsaya a duba? Wa zai riƙa gwada tunaninsa, kuma me za a canza in mantuwa ta yi yawa? Akwai likitan sa barci a kowane zama? Yana da kyau kuma majinyaci ya rubuta lambobin sirrinsa da muhimman al'amuransa a wuri amintacce, ya ɗage sayar da kadara ko wata babbar shawara sai ya murmure.

Abubuwan da ake ji a gari

Tsoron mutane yana da asali. Lokacin da Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara yin ta a Rum a 1938, ba barci ba maganin sassauta jiki, har ƙashin baya kan tsage, kuma an yi amfani da ita a wasu wurare don ladabtar da majinyata. Maganin barci da na sassauta jiki sun shigo sosai ne daga shekarun 1950. Har yanzu akwai inda ake yi ba tare da su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina hakan, Indiya ta haramta shi a dokarta ta 2017, kuma idan haka aka ce za a yi wa naku, kada ku yarda.

Ba a jin zafin wutar, domin mutum na barci. Ba ta sa farfaɗiya ta zama ciwon mutum. Hotunan ƙwaƙwalwa ba su nuna tana kashe ƙwayoyinta ba, sai dai wannan bai goge maganar mantuwa ba. Ba ta mayar da mutum wani daban; wanda ya warke halinsa na da ne ke dawowa. Cewa sai komai ya gaza ake yin ta shi ma ba daidai ba ne, domin a halin ceton rai ita ake fara kawowa.

Wace ta dace da wa

Wanda ya daina ci da sha, ko ya sandare kuma lorazefam bai sake shi ba, ko ruɗu ya haɗu da niyyar kashe kai, lantarki ne, kuma jinkiri ya fi jinyar haɗari. Matarmu tana nan, tare da shirin maganin da za ta ci gaba da sha daga ranar da aka gama. Mai ruɗun da har yanzu yana ci yana karɓar ƙwaya zai iya fara gwada haɗin magani biyu, a sa ranar da za a sake zama in ba a ga canji ba. Wanda magunguna biyu ko uku suka gaza a kansa, ba shi da ruɗu, yana zaune a gida, kuma aikinsa na tunani ne, ya tambayi ketamin ko maganaɗisu kafin lantarki. In yana da tarihin shaye-shaye, maganaɗisu ya fi masa. Wanda magani ɗaya kawai ya gwada, ko bai sha shi cikakke ba, ya koma kan maganin tare da jinyar tattaunawa. Wanda kuma lantarki ya taɓa tashinsa a baya, ya rubuta tun yana lafiya ko yana so a sake yi masa in ciwon ya dawo, da irin wadda ya yarda da ita, ya ba likitansa da wanda zai tsaya masa kwafi.